Takardar talla mai ninki uku: yadda na hana ta tsagewa

Takardar tallar makarantar Islamiyya da na tsara kan takarda mai sheƙi, mai nauyin giram 250 a kowane murabba'in mita, ta dawo da matsala biyu. Bakin ninkin ya daddare, farin takarda ya bayyana cikin koren bango. Ga kuma shafin cike suna, tawadar biro ba ta zama, yatsa na taɓawa ta goge.

Na sauko zuwa giram 150, mara sheƙi. Takarda in ta haura giram 170, sai an danna mata layi kafin ninki, ba a yi wa waccan ba. Wannan kuwa ta ninku lafiya, biro ya kama, ƙananan rubutu suka karantu ko a rana tsaka.

Amma fa dole tsari ya canza. Mara sheƙi tana dusashe launi, hotunan ɗalibai suka yi duhu a gwajin farko. Na ƙara musu haske, na janye koren daga bakin ninki, na bar wurin fari. Shafin da ke shigewa ciki kuma na rage faɗinsa da milimita 2, don kada ya tokare ya kumbura.