Tsabar kirifto goma ba lallai su zama jari goma ba

'Yan'uwa na wannan zaure, musamman masu canza sefa zuwa kirifto a Garwa da Marwa, ina roƙonku ku sake duba jakarku da idon basira. Mutum yakan raba sefa dubu 500 a kan tsaba goma, ya ɗauka ya rarraba haɗari, alhali yawancin ƙananan tsabar nan bayan Bitcoin suke bi, kuma idan ta faɗi sukan fi ta jin jiki.

Mun gani a 2022: daga kusan dala dubu 69 a Nuwamba 2021, Bitcoin ta sauko ƙasa da dala dubu 16, wato asarar kusan kashi 77 cikin ɗari, tsabar Solana kuwa ta zubar da fiye da kashi 90. Wanda ya riƙe su biyun bai samu mafaka ba, domin ranar firgici masu jari kan sayar da komai a lokaci guda.

Gwajin yana da sauƙi. Ka zaɓi ranaku goma da Bitcoin ta fi faɗuwa a bara, ka duba abin da kowace tsabarka ta yi a waɗannan ranakun. Idan takwas daga cikin tsabarka goma sun faɗi tare da ita, to jari ɗaya kake riƙe da shi, kuma kuɗin haya ko na makarantar yara bai kamata ya shiga cikinsa ba.