Darasi na 9: Sauya Nau'in Fayil Ba Tare da Gyare-gyare Sun Salwanta Ba

A darasin da ya gabata mun kunna Track Changes a Word, muka ga yadda duk abin da aka ƙara yake fitowa da launi da layi a ƙasa, abin da aka goge kuma a soke shi da layi a tsakiya. Mun kuma koyi barin tsokaci a gefen takarda. Yau za mu duba abin da ke samun waɗannan alamomi idan takardar ta tashi daga wani nau'in fayil zuwa wani.

Kafin ku sauya nau'in kowace takarda, ku yi wa kanku tambaya guda: akwai sauran wanda zai duba gyaran nan ya ce ya yarda ko bai yarda ba? In akwai, wajibi ne alamomin su isa hannunsa lafiya. In an riga an gama magana, to alamomin ba su da sauran aiki, sai a karɓe su kafin a sauya.

Inda gyaran yake zama

Mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. Sakatariyar wata ƙungiyar mata masu adashi ta rubuta dokokin ƙungiya a fayil ɗin .docx, ta tura wa ma'aji. Ma'aji ta kunna Track Changes, ta mayar da zubin wata daga naira 500 zuwa naira 1,000, ta goge jimla guda a kan tarar makara, ta ƙara jimla guda a kan ranar taro. Ta kuma bar tsokaci biyu, ɗaya na cewa: "Hajiya, a tambayi mambobi kafin a tsayar da wannan kuɗi."

A cikin fayil ɗin, 500 ba ta tafi ko'ina ba. Tana nan zaune kusa da 1,000, an dai manna mata shaidar cewa wance ce ta goge ta, ranar kaza, ƙarfe kaza. Ita ma 1,000 tana ɗauke da tata shaidar. Tsokaci kuwa a wani ɓangare daban na fayil ɗin yake, an ɗaure shi da kalmar da yake magana a kanta. Saboda haka idan kuka sauya nau'i, abin lura shi ne ko sabon nau'in yana da wurin ajiye waɗannan shaidu. .docx yana da shi, tsohon .doc yana da shi, haka ma .odt na LibreOffice. .txt ba shi da shi ko kaɗan, haruffa zalla yake riƙewa. PDF kuwa kamar takardar da aka riga aka buga ne: zai iya nuna muku jan layin, amma ba za ku iya danna Accept ko Reject a kansa ba.

Idan ba a gama shawara ba

Shugaba ba ta ga gyaran ma'aji ba tukuna, kuma kwamfutarta LibreOffice Writer ce a kai, ba Word ba. Abu mafi sauƙi, kuma wanda nake ba da shawara, shi ne kada a sauya komai. Writer na buɗe .docx, ya nuna gyare-gyaren da sunan mai su, ya nuna tsokaci a gefe. Shugaba ta yi aikinta, ta adana a .docx ɗin yadda ya zo. Duk sauyin da aka ƙara, an ƙara ƙofar ɓacewar wani abu ne.

Amma a ce dole sai .odt ake so. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Hanya biyu ce ke kaiwa ga .odt, kuma ba ɗaya suke ba. In kuka buɗe takardar a Writer kuka adana ta a .odt, gyare-gyaren suna nan. In kuwa a cikin Word kuka yi Save As kuka zaɓi OpenDocument Text, to Microsoft da kansa ya bayyana game da nau'o'in Word irin su 2010 da 2013 da 2016 cewa ana karɓar duk gyare-gyaren a lokacin adanawa. Ma'ana, 500 ta tafi, 1,000 ta zama doka, alhali shugaba ba ta ko san an taɓa wurin ba. Takardar za ta buɗe tsaf, ba ja ba shuɗi, kuma wannan tsaftar ita ce alamar ɓarna.

Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Rahoton wani kwamiti ne, shafi goma sha biyu, mutum biyu sun yi gyara. Na sauya shi, na goge na asalin don kada fayiloli su yi mini yawa. Sai da aka zo zama aka ce a nuna abin da kowa ya gyara, na buɗe na tarar ba komai. Abin da ya cece ni shi ne daftarin farko yana cikin imel ɗina. Na shiga Review, na danna Compare, na ba Word tsohon da sabon, ya fito mini da bambancinsu. Sai dai bai iya gaya mini wanne gyara na wane ne ba, wannan kam ya tafi ke nan. Tun daga ranar ba na sauya fayil sai na ajiye kwafinsa.

Ga yadda za ku yi, bi da bi. Da farko ku yi kwafin fayil ɗin, ku ƙara masa kalmar "asali" a suna, kada ku sake taɓa shi. Sai ku buɗe ɗayan, ku shiga Review, ku zaɓi All Markup, ku buɗe Reviewing Pane. A samansa Word zai nuna adadin gyare-gyare. A misalinmu abin da aka goge biyu ne, 500 da jimlar tara, abin da aka ƙara ma biyu ne, 1,000 da jimlar ranar taro. Ku lura cewa sauya lamba ɗaya gyara biyu ne a lissafin kwamfuta, gogewa ɗaya da ƙari ɗaya. Tsokaci kuma biyu. Ku rubuta waɗannan lambobi a takarda da biro.

Bayan kun sauya, ku rufe fayil ɗin gaba ɗaya, sannan ku sake buɗe sabon. Wannan mataki na da muhimmanci, domin muddin ba ku rufe ba, abin da ke kan allo zai iya zama tsohon ne, ba abin da aka adana ba. A Writer ku bi Edit, Track Changes, Manage, jerin gyare-gyaren zai fito. Ku ƙirga, ku duba sunan ma'aji yana nan, ku duba tsokacinta har yanzu a kan kuɗin zubi yake ba a wani layi ba. Ƙari da gogewar kalmomi su ne suka fi jure tafiya. Waɗanda suka fi saurin rikicewa su ne gyaran fasali, kamar ƙara kaurin rubutu, da gyaran cikin teburi, da sakin layin da aka ɗauke daga wani wuri zuwa wani. In takardarku na da irin waɗannan, su za ku fara dubawa.

Google Docs ma yana karɓar .docx, ya mayar da gyare-gyaren zuwa shawarwari irin na Suggesting, kuma in kuka sauke a .docx sai su koma yadda Word ya san su. Nan ma ku ƙirga.

Idan an gama shawara

Yanzu mambobi sun zauna, sun yarda da 1,000, amma sun ce a bar tarar makara yadda take. Za a raba dokokin a PDF ta WhatsApp, a kuma kai shagon buga takardu. Wannan ne lokacin karɓar gyara kafin sauyawa.

Kada sakatariya ta yi gaggawar danna Accept All Changes, domin zai haɗiye har da gogewar da mambobi suka ƙi. Ta fara zuwa kan jimlar tara ta danna Reject, jimlar ta dawo. Sannan ne za ta karɓi sauran gaba ɗaya, ta buɗe kibiyar da ke jikin Accept ta zaɓi Accept All Changes and Stop Tracking, don kada wani sabon ja ya biyo baya.

Abu biyu ne ke yaudarar mutane a nan. Na farko shi ne No Markup. Idan kuka zaɓe shi takarda za ta yi fes, amma ɓoyewa kawai ya yi, bai cire komai ba. Wanda kuka tura wa yana zaɓar All Markup zai ga duk abin da aka goge. Na biyu, karɓar gyare-gyare ba ya taɓa tsokaci. Maganar ma'aji ta "a tambayi mambobi" tana nan daram har sai an shiga Delete an zaɓi Delete All Comments in Document. Tsokacin adashi ba abin kunya ba ne, amma ku yi tunanin takardar neman aiki, ko farashin kwangila, ta isa hannun mai ita da maganganun da aka yi a bayan idonsa. Don tabbatarwa, ku bi File, Info, Check for Issues, Inspect Document. Zai gaya muku in akwai sauran gyara ko tsokaci, har da sunan marubuci da ke maƙale a fayil ɗin. Abin da ya cire ba lallai ya dawo ba, don haka a kan kwafi ake yin sa.

Me zai faru in aka yi PDF ba a karɓa ba? In alamomin na bayyane, za su iya bin takardar. A buga ta baƙi da fari, launi ya ɓace, siririn layin da ya soke 500 bai fito sosai ba, sai mamba ta karanta zubin wata naira 5001,000. Duk inda kuka ga lambobi ko kalmomi biyu sun manne haka, tsohon rubutu ne da sabo suka haɗu.

Akwai lokacin da ake son PDF mai alamomin da gangan, misali a nuna wa mambobi a waya abin da ake shirin sauyawa. A Word na kwamfuta, wajen adanawa a PDF ku danna Options, ku zaɓi Document showing markup. In tsaftatacciya ake so, sai Document. Ku buɗe PDF ɗin ku gani da idonku kafin ku tura.

Aikin aji

Kowa ya rubuta jimla biyar a Word ya adana a .docx. Ku yi musayar kwamfuta da na kusa da ku, ya kunna Track Changes da Ctrl+Shift+E, ya sauya lamba ɗaya, ya goge kalma ɗaya, ya bar tsokaci ɗaya. Ku rubuta adadin gyare-gyaren a littafinku, ku yi kwafi uku. Na farko ku adana shi a .odt daga cikin Word, na biyu a .odt daga cikin Writer, na uku a PDF bayan kun karɓi gyaran kun goge tsokacin. Ku rufe duka, ku sake buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta abin da ya rage a kowanne, ku zo da shi mako mai zuwa.