Kurakuran da Ɗalibai Suka Fi Yi Wajen Zana Giraf da f'(x) da f''(x)

Na daɗe ina koyar da kalkulas a Gusau, kuma duk lokacin da na zauna duba takardun jarrabawa, abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai fitar da f'(x) daidai, ya fitar da f''(x) daidai, amma da ya ga sifili sai ya yanke hukunci. Alhali sifili zargi ne kawai. Shaidar tana wurin canjin alama, wato ko lambar ta tashi daga sama da sifili zuwa ƙasa da shi, ko akasin haka.

Mu ɗauki f(x) = 3x⁴ − 4x³. A nan f'(x) = 12x²(x − 1), sannan f''(x) = 12x(3x − 2).

Tuntuɓen farko shi ne, wajen neman inda f'(x) take zama sifili, mutum ya rubuta 12x³ = 12x², ya raba duka gefen biyu da x², ya samu x = 1 kaɗai. To ya jefar da x = 0 ke nan bai sani ba. Gyaran shi ne a fitar da 12x² waje, kada a raba da shi. Wuraren da layin giraf ɗin ya daina hawa ko sauka biyu ne: x = 0 da x = 1.

A x = 1 babu wahala. f''(1) = 12, sama da sifili, don haka layin ya yi kamar ƙwaryar da aka ajiye tana tarar ruwan sama, kuma wurin shi ne gindinta. Kwari ne. Sai dai a kula, tsayin wurin daga f(x) ake samo shi: f(1) = −1. Da yawa kan sa 1 ɗin cikin f'(x), su samu 0, su ɗora ɗigo a (1, 0).

A x = 0 ne ake yin ta. f''(0) = 0. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini littafinta bayan darasi, ta zana tudu a wurin, ta goge har takardar ta kusa hujewa, ta sake zana kwari. Ta ce, "Malam, gwajin bai nuna komai ba." Na ce, "Gaskiyarki, ɗiyata. In f'' ta ba da sifili, ta yi shiru ke nan. Koma ki tambayi f'."

Muka ja layi, muka sa 0 da 1 a kansa, muka gwada lamba ɗaya a kowane yanki. f'(−1) = −24, layin yana sauka. f'(1/2) = −1.5, har yanzu sauka yake. f'(2) = 48, ya fara hawa. Tunda alamar ba ta canja ba a x = 0, wurin ba tudu ba ne, ba kuma kwari ba. Layin ya ɗan miƙe ne kawai, kamar matakalar bene mai wurin hutawa, sannan ya ci gaba da gangara.

Yanzu batun juyin lanƙwasa, inda ƙwarya mai tarar ruwa take komawa kifaffiya, ko akasin haka. f''(x) sifili ce a x = 0 da x = 2/3, amma nan ma sai an gwada. f''(−1) = 60, f''(1/2) = −3, f''(1) = 12. Alamar ta canja sau biyu, don haka duka wuraren juyi ne na gaske: (0, 0) da (2/3, −16/27), wato tsayi kusan −0.59.

Wani zai ce ai ko ba a gwada ba amsar ɗaya ce. A wannan misalin, haka ne. Amma a duba f(x) = x⁴. A nan f''(x) = 12x², sifili ce a x = 0, amma hagu da dama duk tana sama da sifili. Babu juyin komai, wurin kwari ne sosai. Wanda ya haddace cewa f'' = 0 na nufin juyi, nan zai rasa makinsa. Haka kuma f(x) = 1/x: lanƙwasar hagu da ta dama sun bambanta, amma babu ɗigo a x = 0 balle a kira shi wurin juyi, domin ba a raba lamba da sifili.

Kafin a ɗora fensir a takarda, a nemo inda layin ya taɓa layin x. Tunda f(x) = x³(3x − 4), wuraren su ne 0 da 4/3. Zanen zai fito daga can sama ta hagu yana sauka kamar ƙwarya mai tara, ya miƙe a (0, 0), ya kife yana gangara har x = 2/3, ya sake juyawa, ya kai gindi a (1, −1), ya ratsa layin x a 4/3, ya wuce sama. In ka ga zanenka ya yi tudu a x = 0, ko ya yi kusurwa mai kaifi a (1, −1), koma kan layin alamomin nan ka bi shi yanki bayan yanki.