Yadda Ake Tantance Takardun Fili Kafin A Biya Kuɗi

Fili ɗaya na sayuwa ga mutum uku ne saboda giɓin da ke tsakanin biyan kuɗi da yin rajista. Mai saye ya biya, ya karɓi takardar ciniki ya jefa a akwati, a ma'aikatar ƙasa kuma sunan tsohon mai fili na nan daram. Gobe tsohon mai filin ya kai wani wurin ya sake sayarwa.

Ka fara da takardar shaidar mallaka, wato satifiket ɗin da gwamna ke bayarwa. Ta ainihi za ka nema, ba kwafi ba. In aka ce ta ɓace, ka dakata, domin sau da yawa tana banki an jinginar, ko tana hannun wanda ya riga ka saye. Kwafi lambar fayil da lambar fuloti, ka duba ko sunan da ke jiki shi ne na katin shaidar mai sayarwa.

Da lambar fayil ɗin za ka nemi bincike a hukumar adana bayanan filaye ta gwamnati: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Ka je da ƙafarka ko ka tura lauyanka, kada ka bari dillali ya kawo maka sakamako, shi la'adarsa yake jira. Binciken zai nuna sunan da ke rajista yanzu, da ko akwai jingina, da ko gwamnati ta soke mallakar. Amma fa ba zai nuna cinikin da ba a yi wa rajista ba, shi ya sa dole ka taka filin.

Ɗauki safiyonka, wato mai awon fili, ya gwada taswirar awo da lambobin duwatsun iyaka. A ce takarda ta nuna fuloti na 14, awo ya nuna kana tsaye a na 17: takardar gaskiya ce, filin ne na wani. Sabon harsashi ko tulin yashi da mai sayarwa ya kasa bayaninsa alama ce. Tambayi maƙwabta wa suka sani da filin.

Awon igiya ya fi haɗari, don ba shi da fayil. Nan sai ka bi takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya har zuwa mai gonar asali, ka tambayi mai unguwa da dagaci da bakinka. In gado ne, nemi takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji mai haƙƙi ya sa hannu.

Ko kafin alƙalami kada ka bayar sai an gama wannan. Biya ta banki, cikin asusun mai sunan. Lauya ya rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka, a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada, a yi rajista. Kafin takardu su fito, ka kewaye filin.