Darasi na Bakwai: Fayawol, Mai Gadin da Ba Ya Buɗe Wasiƙa

A darasin da ya gabata mun ga cewa kowace na'ura da ta hau intanet tana da adireshi, lambobi ne irin su 198.51.100.7. Yau za mu duba abin da ke tsaye tsakanin wannan adireshi da sauran duniya. Masu sana'ar suna kiransa fayawol, a allon kwamfuta kuma za ku ga an rubuta `Firewall`. Wasu na ce masa katangar tsaro. Ni dai na fi ganinsa kamar mai gadi, domin katanga ba ta zaɓen wanda zai wuce, shi kuwa aikinsa ke nan.

Abin da yake dubawa

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule a intanet. Ana yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti, kuma kowane fakiti yana ɗauke da rubutu a bayansa kamar ambulan: daga wane adireshi ya fito, wane adireshi za shi, kuma wace ƙofa yake nema. Ƙofar nan lamba ce kawai, a allo ana rubuta ta `port`, daga 0 har zuwa 65535. Kowane aiki da ƙofar da aka san shi da ita. Shafukan intanet masu kulle suna amfani da 443. Mai kula da na'ura daga nesa yana shiga ta 22. Raba fayiloli tsakanin kwamfutocin Windows kuwa ta 445 ake yi.

Fayawol yana karanta bayan ambulan ɗin, ya gwada shi da jerin dokokin da aka ba shi, daga sama zuwa ƙasa. Dokar farko da ta dace da fakitin ita ke aiki, ko ya wuce ko a jefar da shi. Wanda babu dokar da ta ambace shi, sai a yi masa hukuncin da aka ajiye tun farko, kuma mai hankali yakan ajiye “a hana”. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk darasin a kansa ya rataya: fayawol na yau da kullum bayan ambulan yake karantawa, ba ya buɗe wasiƙar.

To, in an hana duk mai shigowa, ta yaya shafin da kuka nema yake iso muku? Mai gadin yana da littafi. Idan kwamfutarku ta aika tambaya waje zuwa ƙofa ta 443, sai ya rubuta cewa wannan na'ura ta cikin gida ta yi magana da wancan adireshi, tana jiran amsa. Amsar na zuwa ya duba littafin, ya ga ana sauraronta, ya bar ta ta shiga. Baƙon da ba wanda ya kira shi ake tsayarwa. Wanda aka kira daga ciki kuwa, ba a ma tambayarsa.

Mu kafa ɗaya da hannunmu

A ce wani ƙaramin ofis yana da kwamfuta guda da ke riƙe da shafinsa na intanet, tana aiki da Ubuntu, wani tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows. Abu biyu ake so: kowa ya iya buɗe shafin, kuma mutum ɗaya tak, mai kula da na'urar, ya iya shiga daga tasa kwamfutar mai adireshi 203.0.113.20. Adiresoshin nan na misali ne. Ga abin da zai rubuta wa `ufw`, manhajar fayawol ta Ubuntu:

```
sudo ufw default deny incoming
sudo ufw default allow outgoing
sudo ufw allow 443/tcp
sudo ufw allow from 203.0.113.20 to any port 22 proto tcp
sudo ufw enable
```

Layi na farko ya hana duk mai shigowa. Na biyu ya bar mai fita ya fita. Na uku ya buɗe wa kowa ƙofar shafin. Na huɗu ya buɗe 22 ga adireshi ɗaya kawai. Na biyar ya kunna fayawol ɗin. Kada ku sauya tsarin nan. Wanda ke aiki daga nesa ya kunna kafin ya rubuta layi na huɗu, yana iya kulle kansa a waje, sai ya taka da ƙafa zuwa inda na'urar take. Kusan duk wanda ya daɗe a sana'ar ya taɓa yin haka sau ɗaya, ko da ba zai faɗa ba.

Bayan wasu sa'o'i, in ya duba rajistar da fayawol ke ajiyewa, zai ga layuka masu kama da wannan, na taƙaita shi:

```
[UFW BLOCK] SRC=192.0.2.55 DST=198.51.100.7 PROTO=TCP DPT=22
```

`SRC` shi ne inda fakitin ya fito, `DST` inda za shi, `DPT` kuma ƙofar da ya ƙwanƙwasa. Wani ya gwada 22 an tare shi. Kada ganin irin wannan da yawa ya tayar muku da hankali. Ba ku ake nema ba musamman, manhajoji ne ke zagaya intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, ko za su dace da wadda aka manta a buɗe.

Wannan tarewar ba ƙaramin abu ba ce. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Har asibitocin gwamnati a Birtaniya sai da suka soke ganin marasa lafiya. Ta ƙofa ta 445 take shiga, ba sai kowa ya danna komai ba. Inda aka rufe 445 daga waje, ba ta samu hanya ta nan ba.

Inda gadin ya ƙare

Yanzu mu koma ofishin nan. Wata ma'aikaciya ta samu imel, wai takardar biyan kuɗi ce daga abokin hulɗa. Ta danna mahaɗin da ke ciki. Ku bi abin a idon fayawol ɗin da ke gadin kwamfutocin ofishin. Kwamfutar cikin gida ce ta nemi fita ta 443, kuma an yarda mai fita ya fita. Ya rubuta a littafinsa. Amsa ta dawo, ana jiranta, ta shiga. A cikin amsar nan ne muguwar manhajar take, amma wasiƙar a kulle take da lambobin sirri, shi kuma ba ya buɗewa. Da ta zauna a kwamfutar, ba ta jira a ƙwanƙwasa mata daga waje ba, ita ce ta kira maigidanta daga ciki, ta 443 ɗin dai, kamar mai buɗe shafi. Ta wannan kiran ake ba ta umarni, ta nan kuma fayilolin ofis ke sulalewa. Daga farko har ƙarshe ba a karya doka ko ɗaya ba, don haka ba za ku ga `BLOCK` a rajista ba. Ɓarawon ta hannun mai gida ya shigo.

Ta yaya za a gane? Alamun suna wajen fita ne, inda mutane ba su cika dubawa ba. Kwamfuta tana kiran adireshi guda a kan kari, misali kowane minti biyar, har da tsakar dare. Ko kuma na'urar da aikinta karanta imel ne ta wayi gari tana aika bayanai masu yawa waje. Shi ya sa ofisoshin da suka san abin da suke yi suke taƙaita fita ma, suna barin abin da ake bukata kawai. Akwai kuma manyan fayawol da ke buɗe wasiƙa su leƙa ciki, amma sai an yi musu shiri na musamman a kowace kwamfuta, kuma sun fi gane cutar da aka riga aka sani. Sabuwa takan wuce su.

Haka abin yake da kalmar sirri da aka sace. Wanda ya zo ƙofar da aka buɗe da mabuɗin gaskiya, mai gadi ba shi da ta cewa. Maganin wannan shi ne tabbatarwa ta biyu, lambar da ke zuwa wayarku ko manhajar da ke fitar da ita, ba ƙarin doka a fayawol ba.

Ita kanta ƙofar 443 da muka buɗe wa kowa, ku tuna akwai manhaja zaune a bayanta tana karɓar baƙi. In tana da ɓaraka, maharin zai zo ta halastacciyar hanya ya yi amfani da ɓarakar. Abin da ya faru ke nan a Disambar 2021, lokacin da aka gano aibi a Log4j, wani ɗan ɓangare da manhajoji masu ɗimbin yawa ke amfani da shi: ɗan gajeren rubutu da aka tura ta ƙofar da ke buɗe ya isa a ƙwace na'ura. Sabuntawa ce ke toshe irin wannan. Ko WannaCry ɗin ma, Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris na 2017, wata biyu kafin harin. Waɗanda ta ci, galibi ba su saka gyaran ba ne.

Sai abin da bai bi ta ƙofa ba sam. Filashin da aka soka a jikin kwamfuta bai ga fayawol ba. Laftof da ta kwaso cuta a wani wuri aka dawo da ita ofis, tana cikin gida tuni, kuma a cikin gida 445 a buɗe take saboda raba fayiloli, sai cutar ta bi sauran kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin da aka ba izini ya kwafi abin da bai kamata ba, shi ma ba ruwan mai gadi da shi. Idan kuma dubban na'urori suka yi wa layinku ambaliyar fakiti, fayawol zai yi ta jefarwa, amma layin ya riga ya cika kafin su iso gare shi. Wannan sai kamfanin da ke ba ku intanet ya tare daga can sama.

Aikin gida

A kwamfuta mai Windows, ku buɗe `cmd` ku rubuta:

```
netstat -ano
```

Layukan da aka rubuta wa `LISTENING` ƙofofi ne da wata manhaja ke zaune tana jiran baƙo. Masu `ESTABLISHED` kuwa hira ce da ake cikin yi yanzu. Lambar da ke ƙarshen kowane layi ita ce `PID`, da ita za ku nemo sunan manhajar a `Task Manager`. Ku rufe burauzarku, ku jira minti biyu, ku sake rubuta umarnin. Ku kwafi layuka uku na `ESTABLISHED` da suka rage a littafinku, tare da sunan manhajar kowanne, ku zo da su aji mai zuwa mu duba tare.