Yadda za ka nemi aurenta daidai da halinta da ƙarfin aljihunka

Kafin ka sayi ko goro ɗaya, ka tabbatar ba a yi mata miji ba. Shari'a ta hana nema cikin nema, kuma idan bazawara ce, sai ta gama idda ake fito mata da maganar a fili. Ƙanwarka ko gwaggonka za ta binciko maka wannan cikin kwana biyu ba tare da kowa ya ji ba.

Daga nan sai ka dubi halinta, don a nan samari suka fi yin kuskure. Yarinya mai kunya, wadda ko a wurin hira kanta na sunkuye, kada ka tsare ta gaban ƙawayenta kana neman amsa. Za ta yi shiru, kai kuma ba za ka san ko yarda ce ko nauyinka take ji ba. Ka faɗa mata a zauren gidansu, a taƙaice: "Ina son in turo magabatana, in kin amince." Ka ba ta mako guda, amsar ta biyo ta bakin yayarta ko aminiyarta. Wadda kuwa ta saba faɗin ra'ayinta, ko bazawarar da ta san zaman aure, ita bayani take so: sana'arka, inda za ku zauna, ko za ta ci gaba da karatu, da lokacin da kake ganin za ka shirya. Idan kullum amsarta "sai na yi shawara" har wata ya wuce, ka dakata da kashe kuɗi.

A ce kai malamin firamare ne a Gusau, ka tara naira 60,000 don wannan matakin. Ka ware 30,000 kuɗin na-gani-ina-so, 15,000 na goro da alewa gwargwadon abin da suka saya a kasuwa, 5,000 kuɗin motar baffanninka biyu, 5,000 ɗan turare ko hijabi na toshi. Sauran 5,000 ka riƙe, don ba a rasa abin da zai taso ranar. Ni dai ban yarda a ci bashi a nan ba, domin abin da ka kai da farko shi ne ma'aunin da dangi za su auna ka da shi a lefe da sadaki.

Al'adar gidaje ta bambanta, abin da ake karɓa a Ƙauran Namoda ba lallai ya zama na Talatar Mafara ba. Saboda haka baffanka ya fara zuwa shi kaɗai wurin waliyyinta, ya gaishe shi, ya tambayi yadda suke yi, ya kuma faɗi ƙarfinka tun kafin a sa ranar zuwan magabata.