Kafin ka fitar da FBX daga Blender zuwa Unity

Jama'a, idan kujerarku ta shiga Unity a kwance ko ta koma ƙatuwa, ga inda matsalar take. A Blender, Z ne sama, a Unity kuwa Y ne. FBX kuma da santimita yake awo, shi ya sa ake ganin girma ya ninka 100, bambancin Z da Y kuma ya sa juyi ya nuna -90 a X.

A Blender, zaɓi abin, danna Ctrl+A, ka zaɓi All Transforms. Wajen fitarwa, mayar da Apply Scalings zuwa FBX All, Forward ya zama -Z, Up ya zama Y, sannan ka kunna Apply Transform. Amma idan akwai ƙasusuwan motsi a jiki, kada ka kunna shi, yana hargitsa su.

Ni dai ina tura akwati mai tsayin mita 1 tare da abin. In ya iso da wani girman, na san awo ya kauce.